Wane ne "a" a cikin "a gyara"?

Na ajiye aikin magatakardan kwamitin makarantarmu bayan shekara huɗu, kuma har yau maganar rufin nan ba ta bar ni ba.

A zaman watan Afrilu maganar ta taso sau uku. Da farko wani malami ya ce rufin aji uku yana yoyo. Can wajen rahoton kuɗi ma'aji ya ce asusu zai iya ɗaukar bandir biyu na kwano. Ana shirin addu'ar tashi shugaban kwamiti ya ce, "To, a gyara kafin damina." Ni kuwa na rubuta kowacce a inda ta faɗo, shafi na ɗaya da na uku da na huɗu, don an koya mini bin magana yadda ta zo. Wanda ya karanta zai ga ƙorafi da lissafi da fata. Ba zai ga an ɗora wa kowa aiki ba.

Ruwan Yuni ya jiƙa littattafan ajin kaf. A zama na gaba shugaba ya ɗaga takardata a gaban iyaye ya ce magatakarda bai sanar da kowa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa aka ce ya yi?" Bai amsa ba, kuma babu wanda ya tsaya mini. Laifi tudu ne. Sai dai da na koma gida na sake karantawa, na ga rabona a ciki: na kwafi "a gyara" ban tambayi wane ne "a" ɗin ba.

Daga nan na daina bin jerin masu magana, na koma tattara duk guntayen batu ɗaya wuri guda, ko a ina suka faɗo. Ga yadda ya kamata shafuka ukun nan su zama: "An yanke shawarar sauya kwanon rufin aji uku, bandir biyu. Ma'aji zai fitar da kuɗi kafin 12 ga Mayu. Mataimakin shugaban makaranta zai kawo kafinta, a gama kafin 30 ga Mayu." Gurbin suna da na rana ba sa cikuwa da ƙirƙirata, saboda haka kafin a shafa fatiha nakan karanta shawarwarin da ƙarfi in nemi a cike su. Idan aka yi shiru, in rubuta cewa ba a yanke ba, in ɗaga batun zuwa zama na gaba. Shugaba bai taɓa son wannan layin ba.

"Bayan Sallah" ba wa'adi ba ne, sai an sa kwanan wata. Idan an ce kwamiti zai duba, ina neman sunan mutum ɗaya. Kuma a daren nake tura wa 'yan kwamiti rahoton zaman, kafin kowa ya manta abin da ya ɗauka.

Wadda ta gaje ni na bar mata littafin. Shafukan Afrilun suna nan ciki, ban yage su ba.