Kwana huɗu ina layin sayarwa babu mai saye

Jama'a, ranar Juma'ar da ta wuce na samu na fita daga hannun jarin da ya hana ni barci mako guda, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Na yi niyyar rubutun wannan watan ya kasance kan karatun rahoton kuɗi na kamfani, kamar yadda muka tsara, amma wannan abin ya sha gaba. Asarar da na yi wa lissafi naira dubu 90 ce. Wadda na kwasa ta haura dubu 420.

Ga yadda aka yi. Wata biyu da suka wuce na sayi hannun jari 60,000 na wani matsakaicin kamfanin masana'anta a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, kowane a kan naira 20, jimla miliyan 1.2. Mu da muke kauce wa bankunan ruwa da kamfanonin giya kun san zaɓinmu ba shi da yawa, shi ya sa sau da yawa muke faɗawa kan irin waɗannan da ba a cika cinikinsu ba. Na sa odar tsayar da asara a manhajar dillalina: `Stop` a 18.50, `Limit` a 18.00. Nufina idan farashi ya taɓa 18.50 a sayar, amma kada a sayar ƙasa da 18.00, in yi asarar naira ɗaya da rabi a kan kowane, in kama gabana. Wallahi na ji daɗin kaina ranar, don na ɗauka na ɗaure akuyata.

Alamar farko ta zo ranar Litinin, kuma na gan ta da idona ban gane ba. Allo yana nuna 20.00, amma a jerin cinikin ranar ina ganin wani ya sayar da 5,000 a 18.40, wani 12,000 a 18.30. Odata ba ta motsa ba. Dalili shi ne, a wannan kasuwar, hannun jari mai araha irin nawa sai an yi cinikin da ya kai guda 100,000 kafin farashin da ake bugawa ya sauya. Ƙananan ciniki suna wucewa, ana biya, amma allo bai san da su ba. Ita kuwa odata, a tsarin manhajar da nake amfani da ita, farashin allo take kallo. Ke nan kasuwa ta riga ta gangara ƙasa da inda na ce a sayar, ni kuma ina zaune ina kallon 20.00. A ranar akwai masu neman saye a 18.30 da za su iya kwashe kusan rabin kayana, da na sa hannu na sayar da kaina. Da yamma rahoton wata uku na kamfanin ya fito, riba ta koma asara.

Talata ana buɗewa farashi ya faɗi zuwa 18.00. Ba zai wuce nan ba, saboda doka ba ta bari hannun jari ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin 100 na farashin rufewar jiya. A nan ne tunanina ya kasance a karkace tun farko. Na ɗauki wannan iyaka a matsayin katanga mai kare ni, cewa komai lalacewa ba zan rasa fiye da kashi 10 a yini ba. Gaskiya ne a allo. Amma idan masu saye sun yanke cewa kayan bai fi naira 13 ko 14 ba, iyakar ba ta sa su saya a 18. Hannu kawai suke naɗewa su jira farashi ya iso inda suke so, kashi 10 yau, kashi 10 gobe. Faɗuwar da za a yi a yini ɗaya sai a shimfiɗa ta a kwana huɗu, kuma duk tsawon kwanakin ƙofa a rufe take.

Odata ta tashi kamar yadda aka tsara, ta shiga kasuwa a 18.00. Sai na buɗe littafin oda. Ɓangaren `Offer`, na masu sayarwa, akwai hannun jari miliyan 2.4 duk a 18.00, ɓangaren `Bid`, na masu saye, fayau, ko layi ɗaya babu. Wannan ne dillalai ke kira `full offer`. Kasuwa tana bin farashi ne da farko, sannan lokaci: wanda ya fi araha shi ake fara saye a wurinsa, idan farashi ɗaya ne sai wanda ya riga zuwa. To a ƙasan iyaka babu wanda zai iya rage ko kwabo, saboda haka lokaci ne kaɗai ya rage. Waɗanda suka karanta rahoton da dare sun jera odarsu tun kafin a buɗe ciniki. Tawa kuwa, ta yadda aka gina ta, sai ta ga farashi ya faɗi kafin ta taso, wato ita ce ta ƙarshe a layi kullum. Duk yinin an yi cinikin 130,000 ne kacal. Ni ina bayan mutanen da ke riƙe da miliyan biyu da ɗoriya.

Na kira dillalina wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ce ya mayar da ita odar kasuwa, a sayar a kowane farashi. Ya ce, "Alhaji, a kowane farashi ga wa? Babu kowa a ɗaya ɓangaren." Na yi shiru, don ba ni da amsa. Odar tsayar da asara aikinta ta kai kayanka kasuwa, ba ta zuwa da mai saye.

Laraba ce ta fi min ciwo, domin wannan kuskuren nawa ne zalla. An rufe Talata a 18.00, saboda haka iyakar Laraba ta koma 16.20 a ƙasa, 19.80 a sama. Odata tana nan zaune a 18.00, ni kuma ina ganin ai ina cikin layi, har ina murna cewa na kwana a ciki. Ashe layin ya tashi ya koma 16.20 tun da safe, an bar ni ni kaɗai a sama inda ba mai ɗaga kai ya duba. Sai bayan azahar na lura, na soke, na sake sakawa a 16.20, na tarar da miliyan uku a gabana. Da na bar ta har Alhamis ma, da ta fita daga iyakar yinin gaba ɗaya, don kashi 10 a saman 16.20 bai kai 18.00 ba.

Daren Laraba na zauna da biro na fitar da ƙasan gobe da kaina: 16.20 sau 0.9 ya ba da 14.58, kuma tunda hannun jarin da ke wannan farashin da kwabo biyar-biyar yake tafiya, ya zama 14.60. Na shirya odar, ana buɗe karɓar oda kafin ciniki na tura. Wannan ne abu na farko da ya yi aiki a makon. Na samu kaina bayan kusan 150,000 kawai, kuma kafin a tashi an sayi 8,000 daga cikin nawa. Kaɗan ne, amma da saƙon ya shigo wayata sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi a shago.

Juma'a ƙasan ya zama 13.15. Na sake yin sammako, sai na ga abin da ban gani ba tun Litinin: layuka sun bayyana a ɓangaren `Bid`, 13.15, 13.30, 13.50, kuma tarin masu sayarwa ya ragu, wasu suna janye odarsu. Na gyara tawa zuwa 13.50, cikin minti ashirin sauran 52,000 suka tafi. An rufe ranar a sama da inda na sayar, kuma na san wani zai ce da na yi haƙuri. Wataƙila. Amma rahoton nan ya rushe dalilin da ya sa na saya, kuma ban yarda in sake kwana a ɗakin da na ga yadda ƙofarsa ke rufewa ba.

Lissafin: 8,000 a 14.60 sun ba da 116,800, sannan 52,000 a 13.50 sun ba da 702,000. Jimla 818,800 daga miliyan 1.2, asara 381,200. Sai kuɗin dillali da na hukumomi da haraji, shiga da fita, da suka ci kusan dubu 40 a takardun cinikina. Wannan ma ya yi min zafi, biyan lada a kan asara.

Da na koma kan littafina ranar Asabar, na gano ɓarnar ta faru ne tun ranar saye. Na duba matsakaicin cinikin yini na wata guda na ga kusan 350,000, na ce 60,000 ba komai ba ne. Yanzu da na jera kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kwana biyu ne aka yi manyan cinikayya na miliyoyi, irin wanda dillali ke haɗa mai saye da mai sayarwa da suka riga suka daidaita, su suka kumbura lissafin. Yinin da ke tsakiya idan an jera daga ƙarami zuwa babba bai wuce 70,000 ba. Ashe kayana kusan cinikin yini guda ne cur na hannun jarin kamfanin gaba ɗaya.

Don haka na sauya yadda nake auna abin da zan saya. Na daina lissafin asara daga inda na sa `Stop`. Ina ɗauka za a yi kwana uku a ƙasan iyaka ban samu fita ba, kuma kwana uku na kashi 10 suna cin kashi 27 cikin 100. Idan dubu 90 ce abin da zan iya jurewa, sai in raba ta da 0.27, ya ba ni kusan dubu 333. Iyakar abin da ya kamata in zuba ke nan, wajen guda 16,000, ba 60,000 ba. Bayan haka kada kayana su wuce kashi ɗaya cikin goma na cinikin yinin tsakiya, wanda a wannan kamfanin zai sauko da ni zuwa 7,000. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi zan bi. Na san kuɗin ya yi kaɗan har mutum ya ji kamar bai cancanci wahalar ba, kuma ina ganin amsar ke nan game da wannan kamfanin.

Akwai hannun jarin wasu kamfanoni biyu a hannuna masu irin wannan siririn ciniki. Kamfanoni suna da kwana 30 bayan ƙarshen kowane wata uku su fitar da rahoto, saboda haka na rubuta makon a kalanda, kuma na fara rage ɗaya daga cikinsu tun jiya, 4,000 a kan masu neman saye da na tarar. Odar `Stop` ban cire ta ba, amma na ƙara ƙararrawa a waya, kuma kullum kafin azahar ina buɗe jerin cinikin yini in duba ƙananan da ba sa taɓa allo.

Abin da ban warware ba shi ne ranar Talata. Da na karanta rahoton daren Litinin na shiga layi da asuba, ina ganin da na samu wani abu a 18.00, amma 130,000 aka saya duk yinin, kuma ba ni kaɗai na iya sammako ba. Wanda a cikinku ya taɓa fita a ranar farko ta `full offer`, ina so in ji ƙarfe nawa dillalinsa ya shigar da odar, kuma nawa ya tarar a gabansa.