Sharaɗin Bukhari da makin da aka rage mini

Na kammala karatun hadisi na karɓi sakamako, don haka yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ranar kare kundina, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya rage mini maki saboda jumla guda: na rubuta cewa isnadin, wato jerin masu ruwaya, na Simaku bin Harb daga Ikrima daga Ibn Abbas ba ya bisa sharaɗin Bukhari, ba ya bisa sharaɗin Muslim.

Hadisin da ake magana a kai sananne ne. Wata daga matan Annabi (SAW) ta yi wanka a wani babban akushi, ya zo zai yi tsarki da ragowar ruwan, ta ce ai tana da janaba, ya ce ruwa ba ya janaba. Abu Dawud da Tirmizi sun fitar da shi ta wannan hanya. Malamin da ya rage mini makin ya cire tabarau ya ce, "Yaro, Ikrima ba mutumin Bukhari ba ne? Simaku ba mutumin Muslim ba ne? To me ya rage?" Na ce, "Allah gafarta malam, ba su taɓa haɗuwa a isnadi ɗaya cikin littattafan biyu ba." Ya ce raina magabata nake yi. Wanda ya duba mini aikin yana zaune, bai ce uffan ba.

Ga abin da ba a bari na ƙarasa ba. Bukhari, wanda ya rasu a 256 bayan hijira, bai zauna ya rubuta "ga sharuɗɗaina" ba. Malaman baya ne suka bi littafinsa suka tsamo su, irin su Ibn Ɗahir al-Maƙdisi da Hazimi. Abin da suka gano kuwa shi ne, ba sunan mai ruwaya kaɗai ake dubawa ba, ana duba daga wa ya ji. Hazimi ya kasa ɗaliban Zuhri, babban malamin hadisi, hawa biyar. Na farko su Malik da Ibn Uyaina da Yunus, masu ƙarfin hadda da suka daɗe tare da shi, kuma da su Bukhari ya dogara. Muslim yakan sauko hawa na biyu, su Laisu da Auza'i, amintattu amma zamansu da Zuhri bai kai na farkon ba. Mutum ɗaya ke nan zai iya zama hujja a kan wani malami, ya zama mai rauni a kan wani.

Haka lamarin Simaku yake. Muslim ya kafa hujja da shi a ruwayarsa daga irin su Jabir bin Samura, Bukhari bai kafa ba. Ikrima kuma Bukhari ya kafa hujja da shi, Muslim bai dogara da shi shi kaɗai ba. Sannan Ali bin al-Madini, malamin Bukhari, ya ce ruwayar Simaku daga Ikrima akwai rikicewa a cikinta. Wanda ya ɗauko wannan daga nan, wancan daga can, ya ɗinke, ya samar da isnadin da Bukhari bai yarda da shi ba, Muslim ma bai yarda da shi ba. Kuma ni ban ce hadisin bai inganta ba. Tirmizi ya ce hasanun sahihun, Ibn Hajar kuma ya nuna Shu'uba ya ruwaito shi daga Simaku, Shu'uba kuwa yana tace abin da yake karɓa daga malamansa. Ingancin hadisi daban, hawa sharaɗin Shaihunnan biyu daban.

Shawarata ga ƙannena da ke tafe: ku shiga zauren da littafi a hannu, shafi a naɗe, domin wasu manyan ba sa jin hujja daga bakin ɗalibi sai sun ga tawada.

Sauran darussan ba su yi mini ciwo haka ba. Muslim ya bayyana a gabatarwarsa cewa in amintacce da ba ya tadlisi, wato ɓoye wanda ya ji hadisi daga gare shi, ya ce "daga wane", zama a zamani ɗaya da yiwuwar haɗuwa sun isa, kuma ya yi kakkausan raddi ga mai cewa sai haɗuwar ta tabbata. Abu Dawud ya rubuta wa mutanen Makka cewa abin da ke da rauni mai tsanani ya bayyana shi, wanda ya yi shiru a kansa "salihi" ne, kalmar da ba lallai take nufin ingantacce ba, don haka shirunsa ba ingantawa ba ne kai tsaye. Tirmizi ya ce duk hadisan littafinsa wani malami ya yi aiki da su in ban da biyu, ma'auninsa ke nan. Nasa'i ya ƙi karɓar ruwayar wasu mutanen da har Bukhari da Muslim suka karɓa. Ibn Majah bai ɗaure kansa da inganci ba, shi ya sa wasu malamai irin su Ibnul Asir suka sa Muwaɗɗa ta Malik a matsayin na shida cikin manyan littattafan hadisi shida maimakonsa.