Talata: hirar do, does da did da 'yan aji huɗu

Yau na gwada hirar da na rubuta wa 'yan aji huɗu. Layi takwas ce, tsakanin ɗalibi da ɗaliba, amma a cikinta akwai mutum na uku da ba ya wurin, wato ƙanen yarinyar. Da gangan na sako shi. Idan mutum biyu suna zancen kansu kaɗai, do za su yi ta maimaitawa har a tashi, does ba za ta taɓa fitowa ba sai da wani da ake magana a kansa. Haka did, sai an ambaci jiya take samun wurin zama. Ga abin da na rubuta a allo:

Ɗalibi: Do you walk to school?
Ɗaliba: Yes, I do. I walk every day.
Ɗalibi: Does your brother walk with you?
Ɗaliba: Yes, he does. He walks with me.
Ɗalibi: Did he come yesterday?
Ɗaliba: No, he didn't. He went to the farm.
Ɗalibi: Did you go with him?
Ɗaliba: No, I didn't. I came to school.

Da yake damina ce, zancen fashin makaranta saboda gona ba baƙo ba ne a wurinsu. Har nuna wani suka riƙa yi suna dariya.

Na karanta musu sau biyu, sannan maza suka ɗauki tambaya, mata suka ɗauki amsa, daga baya aka juya. Does ce ta fara ba mu aiki, wasu na cewa "dos", wasu "duwes". Sai da na rubuta "daz" a gefe kafin bakinsu ya daidaita. Ba a yi minti goma sha biyar ba sun haddace hirar tsaf, muryarsu har ajin da ke kusa. Wannan bai burge ni ba. Yaran da suka saba da hadda tun daga makarantar allo, layi takwas ba komai ba ne a wurinsu, kuma hadda ba ta nuna ko sun gane.

Sai na goge allon, na ce su zauna bibbiyu, kowa ya tambayi na kusa da shi game da yayarsa maimakon ƙane, kuma kasuwa maimakon gona. Nan fa asiri ya tonu. Na ji "Does she walks with you?" daga wannan benci, na ji "Did she went to the market?" daga wancan. Wani kuma ya watsar da ƙaramar kalmar gaba ɗaya, ya ce "She come yesterday?" yana ɗaga murya a ƙarshe. Shi ban ga laifinsa ba, domin haka muke tambaya: "Ta zo jiya" da "Ta zo jiya?" murya ce kawai ta raba su.

Masu walks da went su na fi tsayawa a kansu, don sun kusa, alamar ce kawai suke sawa sau biyu. Na rubuta He walks da alli fari, harafin s kuma da ja. A ƙasa na rubuta Does he walk, na ja kibiya daga s ɗin sama zuwa ƙarshen does. Na ce musu kaya ɗaya ne, idan does ta ɗauka, aikatau ya tafi hannu rabbana. Haka ma jiya, idan did ta ɗauke ta, went ya koma go, came ya koma come. Dalilin da ya sa na jera come da go a tambayoyi, went da came a amsoshi ke nan, don su ga kowane aikatau da fuskarsa biyu a layuka huɗu na ƙarshe.

Wata yarinya a baya ta ɗaga hannu. "Malama, to me ya sa a amsa kika dawo da went?" Na ce ta duba jimlar, akwai did a cikinta? Ta karanta He went to the farm a hankali, ta ce babu. Na ce to wa zai ɗauki jiyan? Ta ce aikatau da kansa. Ita ce kuma ta gyara wa abokiyar zamanta.

Kafin a buga ƙararrawa na ba kowa tambaya ɗaya a takarda: su mayar da She eats rice tambaya. Na duba su da yamma bayan la'asar. Galibi sun rubuta Does she eat rice, kaɗan sun bar s a jikin eat. Sai wani da ya ƙara tasa tambayar a ƙasa: "Do you are hungry?" Ya ɗauka kowace tambaya da do ake buɗe ta, alhali am, is da are su suke zuwa gaba da kansu, a ce Are you hungry? Ba zan taɓo wannan gobe ba, kada na cakuɗa musu. Gobe zan ƙara layi biyu ne da friends, don su ga they ma do take ɗauka.