Daga Gombe zuwa Kochi a ƙawance ɗaya: abin da ya bi jakata da abin da ya bi makina

Na yi wannan tafiya zuwa Kochi ta Indiya sau biyu, kuma duka biyun jiragen Star Alliance, wani ƙawancen kamfanonin jiragen sama, na hau tun daga Abuja. A ta farko sai da na biya kuɗin ƙarin kaya a tsakiyar hanya, a ta biyu ban biya ko sisi ba. Bambancin yana ga yadda aka yanki tikitin. Ƙawance shi ke tara maka makin ladan tafiya wuri ɗaya, amma jaka tikiti take bi.

Manyan ƙawancen uku ne. A cikin kamfanonin da mutanenmu suka fi hawa daga Kano da Abuja, Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa suna Star Alliance. Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Air France da KLM da Saudia da Kenya Airways suna SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Jiragenmu na cikin gida ma haka, saboda haka zangon Gombe zuwa Abuja, ko Bauchi zuwa Abuja, tafiya ce mai zaman kanta a wurina. Daga filin jirgi na Lawanti jakata Abuja kawai aka rubuta mata, na karɓe ta a can, na kai ta ɓangaren jiragen ƙasashen waje da hannuna. Nauyin da tikitin cikin gida ya ba ni bai kai na tikitin waje ba, don haka na biya rarar tun a Gombe. Kuma kwana ɗaya kafin jirgin waje nake barin gida, domin in jirgin Gombe ya makara na rasa na Abuja, babu wanda zan riƙe.

Kuskuren tafiyar farko nawa ne. Na sayi tikitin Abuja zuwa Delhi, sannan na sayi na Delhi zuwa Kochi daban don na ga ya fi araha, ina ganin tunda ƙawancensu ɗaya ai ɗan'uwa zai karɓi kayan ɗan'uwa. A kanta ma'aikaciyar ta ce, "Alhaji, tikitinka Delhi ya tsaya." Gaskiya ta faɗa. Tikitin waje ya ba ni jaka biyu, kowace kilo 23, tikitin cikin Indiya kuwa kilo 15 kaɗai. Kilo 46 nake ɗauke da shi, don haka kilo 31 ya zama ƙarin kaya. Arahar da na bi, ta tafi a sikeli har da riba. Wani ma'aikacin kan taimaka ya haɗa jaka a kan tikiti biyu, amma alfarma ce, ba a gina tafiya a kanta. A oneworld ma tun 2016 aka daina tilasta wa mambobi yin hakan.

A karo na biyu na ce wa ejan a yanka min tikiti ɗaya: Abuja, Addis Ababa, Delhi da Ethiopian, sannan Delhi zuwa Kochi da Air India, wanda ke Star Alliance tun 2014. Takarda ɗaya da aka buga maka ba ita ce shaidar tikiti ɗaya ba, domin ana iya jera tikiti biyu a shafi guda su yi kyan gani. Lambar tikiti ake dubawa. Alƙaluma 13 ne, ukun farko na kamfanin da ya fitar da shi: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 235 Turkish, 220 Lufthansa. Dole duk zangunan su zauna ƙarƙashin lamba ɗaya. Sai dai lamba ɗaya zango huɗu take ɗauka, tawa tafiyar kuwa zuwa da dawowa zango shida ce, shi ya sa na ga lambobi biyu masu bin juna, duka da 071. Wannan har yanzu tikiti ɗaya ne. Da na ga 071 a sama da wata lamba dabam a ƙasa, da na san an raba min. Na kuma duba gaban kowane zango, 2PC aka rubuta har na Kochi, wato jaka biyun nan suna tare da ni har ƙarshe.

A kantar Abuja ban bar jakar ta shige ba sai da na karanta doguwar takardar da aka ɗaura mata. COK ya fito a matsayin masauki, da ADD da DEL a matsayin wuraren sauyi. In aka tsaya a DEL, a nan take ake gyarawa. Bayan jaka ta bi bel, sai addu'a. 'Yar takardar da ake liƙa wa a bayan takardar shiga jirgi kuwa na ɗauke ta hoto, domin da lambarta ake neman jaka in ta ɓata, kuma a tebur ɗin kamfanin da ya sauke ka ƙarshe ake kai rahoto kafin ka bar filin jirgi.

A Addis ban ga jakata ba, kuma bai kamata in gan ta ba. A Delhi fa sai da na ɗauke ta, duk da an rubuta mata Kochi. Indiya tana son kwastan su ga kaya a filin da ka fara sauka, sannan ka miƙa su a kantar masu sauyin jirgi. Amurka ma galibi haka take. Mai zuwa wani birni a Jamus ta Frankfurt kuwa jakarsa wucewa take yi har masauki. Wanda bai san tsarin Indiya ba zai tafi ya bar jakarsa tana zagaye a bel. Amfanin tikiti ɗaya a nan shi ne ba a sake auna ni da sikelin cikin gida ba, kuma da jirgin Addis ya makara, kamfani ne zai sa ni a jirgi na gaba ba tare da na sake biya ba.

Maganar maki ta fi sauƙi, amma tana da nata tarkon. Shiri ɗaya ake zaɓa a ƙawancen. Ni ShebaMiles na Ethiopian na riƙe, kuma lambarsa na bayar a duk zangunan, har na Air India. Mai buɗe asusu a kowane kamfani zai wayi gari da maki kaɗan a nan, kaɗan a can, kuma ba a juye na wani shirin cikin wani. Sunan asusun ya yi daidai da na fasfo. Muhammad a asusu, Mohammed a tikiti, ya isa ya hana maki shiga.

Abu biyu ke yanke yawan makin. Na farko, wanda ya tuƙa jirgin, ba wanda ya sayar da kujerar ba. A nemi inda aka rubuta operated by a gaban zango. Air India Express, misali, ba mamban Star Alliance ba ne duk da sunan, kuma SAS ya bar Star ya koma SkyTeam a 2024, don haka jerin da ka haddace shekarun baya sai an sake duba shi. Na biyu, harafin ajin kujera, irin su Y ko M ko T. Mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya sami cikakken maki, ɗaya rabi, wani harafin mai araha ma ba ya ba da komai. Kowane shiri yana da jadawalin haruffan abokan ƙawancensa a shafinsa, kuma kafin biyan kuɗi ake duba shi.

Makin zangunan Ethiopian sun shiga cikin 'yan kwanaki. Na zangon Kochi bai bayyana ba, da na duba takardar shiga jirgin sai na ga lambata ba ta fito a kanta ba, ni ne ban lura ba lokacin da aka ba ni ita. Na cike neman makin da ya ɓace a shafin shirin, da lambar tikiti da hoton takardar, ya shigo. Wa'adin wannan nema watanni ne, shi ya sa takardun shiga jirgi shidan suke cikin fasfona har sai na ga zango na shida a asusu.