Rufu'ar farkon fi'ili ba ta isa shaida ba

Ɗan ƙanwata ya samu aikin koyarwa a wata Islamiyya ta unguwarsu, aka ba shi Larabci. Da ya shigo gaishe ni, sai na gan shi yana kwafar darasin gobe daga waya zuwa takarda. Na karɓa na duba. Babin fi'ilin da ba a ambaci mai aikata shi ba ne, wanda muke cewa majhuli, kuma layi ɗaya tak ya rubuta: idan ka ga rufu'a a kan harafin farko, to majhuli ne. Na ce ina sauran? Ya ce, "Kawu, ai yara ne, kada a cika musu kai." Gabana ya faɗi, domin wannan layin da kansa na taɓa rubutawa a allo, kuma na san inda ya kai ni.

Lokacin da na fara koyarwa ina da kaifin hadda, ina kuma ji da kaina. Ƙa'idar ba ta da tsawo. A fi'ili mali, wato wanda ya shige, ana yi wa harafin farko rufu'a, a yi wa na kusa da ƙarshe kisira: kataba, ya rubuta, sai ya koma kutiba, an rubuta. A mulari'i kuwa, wato wanda ake cikin yi ko za a yi, ana yi wa na farko rufu'a, a yi wa na kusa da ƙarshe fataha: yaktubu ya koma yuktabu. Ajurrumiyya, littafin nahawun nan na masu farawa, ta kawo duka biyun a jere, kuma na haddace su. Amma da na zo aiki da su sai na riƙe rabin farko na saki na biyu, don na lura rufu'ar tana nan a mali tana nan a mulari'i, na ɗauka ita ce alamar, sauran ƙari ne.

Kuma in za a yi mini adalci, rabin ƙa'idar nan yana aiki. Duk misalan da ake fara ba yaro masu harafi uku ne: kataba, fataha, nasara. Mulari'insu da fataha yake farawa, yaktubu, yaftahu, yansuru, saboda haka da ka ji "yu" ka san an juya shi. Na yi ta cin jarrabawa da wannan. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce akwai wata ƙofar da dabarar ba ta buɗewa. Ga shi kuma nahawun da aka fi matsa mana a kai na ƙarshen kalma ne, marfu'i da mansubi da majruri, har kunnenmu ya saba jiran wasalin ƙarshe, bai damu da abin da ke faruwa a tsakiya ba. Sarfu kuwa, ilimin ginin kalma, wanda shi ne gidan wannan magana, sama-sama muka bi ta kansa. Sai dai ba zan ɗora wa malamaina duka ba. Akwai waɗanda muka zauna tabarma ɗaya da su, ba su faɗa ramin ba, saboda sun koma sun tambaya, ni kuwa ina ganin tambaya ƙasƙanci ce.

Ranar da abin ya fashe muna kan ayar nan ta Suratur Rum, "yukhrijul hayya minal mayyiti". Na rubuta yukhriju a allo, na nuna rufu'ar da ke kan ya'un, na ce wannan majhuli ne, ma'anarsa ana fitar da mai rai daga matacce. Wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ba ka ce na'ibul fa'ili, sunan da ke zama a gurbin mai aiki, rufu'a yake ɗauka ba? To me ya sa muke cewa alhayya, ba alhayyu ba?" Tambayar ta kama ni daidai wuya. Da na ce mata bari in bincika, da an wuce wurin. Amma ido talatin da wani abu na kaina, sai na ce ai Alƙur'ani yana da nasa hukuncin, ba a auna shi da ƙa'ida. Ta sauke hannunta, ta rubuta abin da na faɗa. Har yau wannan ne ke ci mini rai fiye da kuskuren kansa. Ayar tana cewa Allah ne yake fitarwa, ni kuma na ɓoye mai aikin, sannan na rufe jahilcina da sunan girmama Littafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ina tuna wa kaina cewa yaro ne ni a lokacin, albashin bai taka kara ya karya ba, ga aji ya cika maƙil. Duk gaskiya ne, amma yarinyar nan ba ta ci bashin ko ɗaya daga ciki ba.

Wani dattijo mai karantar da littattafai a zaurensa ne ya warware mini. Bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi in karanto masa farko-farkon Suratul An'ami, har na iso "wa huwa yuɗ'imu wa laa yuɗ'amu". Ya ce tsaya nan, maimaita. Na maimaita. Ya ce wanne ne majhuli a cikinsu? Na duba, duka biyun da rufu'a suka fara. Haruffansu ɗaya ne, ɗigo bai bambanta ba. Bambancin kawai wasalin da ke kan ainun: kisira a na farko, Shi ne yake ciyarwa, fataha a na biyu, ba a ciyar da Shi. Tun ina makarantar allo nake karanta ayar daidai da bakina, ban taɓa jin ta da hankalina ba.

Dalilin kuwa shi ne wannan. Duk fi'ilin da malinsa yake da harafi huɗu, mulari'insa da rufu'a yake farawa tun yana ma'alumi, mai aikinsa na nan a fili. Akhraja yukhriju, allama yu'allimu, ƙaatala yuƙaatilu, tarjama yutarjimu. A irin waɗannan, rufu'ar farko ba ta gaya maka komai. Sai ka sauka kan harafin da ke kafin na ƙarshe: yu'allimu yana koyarwa, yu'allamu ana koyar da shi; yursilu yana aikawa, yursalu ana aika shi. Kuma ba kaɗan ba ne, sun cika Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu.

Na zauna da niyyar jera muku nasiha mai yawa, amma da na tace sai na ga ba ta wuce biyu ko uku ba. Ta farko, kada ka yanke hukunci a kan fi'ili sai ka san malinsa. Ka ga yukrimu, tambayi kanka daga ina ya fito. Akrama, harafi huɗu. To rufu'ar tasa ta gado ce, dubi wasalin kusa da ƙarshe, shi ne alƙali.

Sai dai kada ka ɗauki wannan ma ka mai da shi sabon layi ɗaya, don shi ma yana da inda yake karyewa. Yaftahu da fataha yake a kusa da ƙarshe, kuma ma'alumi ne. Yata'allamu haka. A nan fatahar ce ta gado, sai ka koma kan harafin farkon da na gama ce maka kada ka yarda da shi: yaftahu da yuftahu, yata'allamu da yuta'allamu. Abin da nake nufi, alamomin biyu tare suke aiki. Majhulin mulari'i sai rufu'a a farko da fataha a kusa da ƙarshe sun haɗu. In ɗaya ta ɓace, ba shi ba ne. Na san wani zai ce to ai ƙa'idar littafi ce kawai na maimaita. Ita ce mana. Ku 'yan yanzu kun fi son a dunƙule muku komai a hoton da za a tura a waya, mai launi, wanda za a karanta kafin shayi ya huce. Ƙa'idar da ba ta wuce layi biyu ba, ita ma sai an yanke mata rabi?

Ta biyu, ka haddace jadawalin tasrifi da baki, da ƙarfi, har harshenka ya riga tunaninka. Na san hadda ce ta yaudare ni, amma haddar da ba a gwada ta a kan nassi ba ce. A mali mai tsawo rufu'ar ba ta tsayawa a harafin farko, tana bin duk harafi mai wasali har ta iso na kusa da ƙarshe: ta'allama ya zama tu'ullima, istakhraja ya zama ustukhrija. Alifin ƙaatala ba ya zama bayan rufu'a, dole ya koma wawu, ƙuutila. Mai harafin illa a tsakiya kuwa rufu'ar ma ɓacewa take yi: ƙaala ya koma ƙiila, baa'a ya koma bii'a, mulari'insu yuƙaalu da yubaa'u. Wanda ke farautar rufu'a zai wuce ƙiila bai gane shi ba, alhali ya cika littattafan fiƙihu. Asalinsa ƙuwila ne, nauyi ya sa aka sauƙaƙa, kuma mu masu karatun Warshu muna da ragowar rufu'ar a bakinmu, a ishmami, wato cakuɗa kisira da ɗan rufu'a, da ake yi wa sii'a da sii'at. Ko Ƙulhuwallahu da yaro ɗan shekara huɗu ke rerawa tana ɗauke da darasin: wawun walada ya faɗi a "lam yalid", ya dawo a "wa lam yuulad".

Akwai kuma wani tuntuɓe da ya keɓanci mu Hausawa. In mun ce an rubuta darasi, fi'ilin bai canza ba, darasin kuma yana nan a matsayin abin da aka yi wa aiki. Shi ya sa ɗalibi zai gyara wasulan kutiba tsaf, sannan ya ce kutibad darsa. Larabci ba ya barin gurbin mai aiki babu kowa. Abin da aka yi wa aikin shi ke matsowa ya zauna a wurin, ya ɗauki rufu'a, fi'ilin kuma ya bi jinsinsa: kutibad darsu, kutibatir risaalatu. Wannan shi ne abin da yarinyar nan ta hango, kuma shi ne makaminka a littafin da ba a sa wa wasali ba, inda kataba da kutiba haruffa uku ne iri ɗaya. Karanta jimlar har ƙarshe kafin ka buɗe baki. Nemo mai aikin, ko a fili ko a lamirin da ya koma kan wani da aka ambata a baya. In fi'ilin mai buƙatar maf'uli ne, wato abin da aka yi wa aiki, ga suna ɗaya kaɗai a bayansa, sunan kuma ba abin da zai iya yin aikin ba ne, kamar tufa a bayan wankewa ko azumi a bayan wajabtawa, to juya wasulan: yugsalus saubu, ana wanke tufa. Wani lokaci rubutun da kansa zai taimake ka, don alifin ƙaala da ya'un ƙiila ba sa ɓuya, haka mazaunin hamzar sa'ala yana sauka daga alif zuwa ya'u a su'ila. Inda kuwa jimlar ta karɓi karatu biyu, kamar yukrihu da yukrahu, kada ka yi caca a gaban ɗalibai. Ajiye alli, buɗe sharhi ko bugun da ke da wasali, ko ka ɗauki littafin ka tafi zaure.