Ƙannena, ga yadda 'yan wash-wash suka wanke ni

Abin da yawancin mutane ba su gane ba game da 'yan wash-wash, wato 'yan damfarar da ke cewa za su wanke baƙar takarda ta koma dala, shi ne, kuɗin da suke wankewa a gabanka na gaske ne. Ba jabu ba ne. Shi ya sa ko mai wayo yake faɗawa, ni ma ta nan aka kama ni lokacin ina ɗan shagon waya, ina ganin ba wanda ya kai ni buɗewar ido.

Wani kwastoma ne da ya saba zuwa, kullum tsaf-tsaf, ba ya neman ragi, ya ce min yana da baƙo da ya shigo da akwatin dala amma an shafe su da baƙin fenti don kar a gane su a boda, maganin wankewa kawai ake nema. Muka je ɗakin otal. Akwatin cike da bandir-bandir baƙi ƙirin an naɗe da leda, baƙon ya zaro takardu guda biyu ya sa a faranti, ya ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba, yana murzawa da auduga baƙin na fita har ga dala ɗari fes. Ya miƙo min ya ce malam je ka canza ka gani. Na kai Wapa, ɗan canji ya ɗaga ta ya shafa ya ƙirgo min naira, toh daga nan kam hankalina ya bar jikina.

Sai daga baya na san yadda abin yake. Dalar gaske suke shafa wa gam, in ya bushe su tsoma ta a aidin, irin wanda ake sa wa ciwo, ta koma baƙa kamar takarda. Ruwan da suke kira SSD, suna cewa daga waje ake kawo shi, yawanci ƙwayar bitamin C ce aka daka aka jiƙa, ita ke kashe launin aidin. A kemis ɗin unguwa za ka same ta. Sauran abin da ke akwatin kuwa baƙar takarda ce aka yanka daidai girman dala, ko shekara za ka yi kana wanke ta takarda ce. Kuma ku lura, shi ya zaɓi waɗanda zai wanke, ko da ya ce ka zaɓa da kanka a hannu yake musanyawa. Ni ko tunanin in sa hannu tsakiyar bandir ban yi ba.

Maganin ya ƙare a gwaji wai, sabuwar kwalba naira dubu 300, ni zan biya a ba ni kashi ɗaya cikin uku. Don hankalina ya kwanta suka ce in tafi da akwatin gida, amma kar in buɗe, iska na lalata kuɗin. Wannan dabarar ta fi komai ci na, ina kwana da akwatin a ƙarƙashin gado ina jin ni na riƙe su, ashe su suka riƙe ni. Bayan kwana kaɗan aka kira wai kwalbar ta fashe a hanya, a ƙaro dubu 150. Na ƙara. Ba don na yarda sosai ba fa, a lokacin zuciyata ta fara raya min wani abu, amma in na tsaya ai na amince kenan dubu 300 ta tafi, kuma ba na son amincewa. Wallahi biya na biyun nan ya fi min ciwo har yau. Da aka zo da maganar wata hoda kuma na ce ba ni da kuɗi, sai layukansu suka daina shiga.

Akwai kuma masu cewa za su ninka maka. Su kuma kai za ka kawo naka kuɗin, a jera kowace takarda tsakanin fararen takardu biyu, a naɗe, a yi wa ƙunshin allura da sirinji, a ce kar ka buɗe sai gobe. Ƙunshinka ya riga ya tafi tun lokacin da aka aike ka ɗebo ruwa. Wannan ko lissafi bai yi ba, kowace takardar kuɗi da lambarta, in ta haihu ma ai jabu ta haifa.

Ban kai ƙara ba, kuma sun san ba zan kai ba, don tun farko sun sa ni cikin abin da nake ganin laifi ne, ga kunyar a ce kwaɗayi ya ja ni. Kar ku yi irin nawa. Karɓar kuɗin mutum da yaudara laifi ne a dokar damfara ta 2006, wanda aka fi sani da 419, EFCC da 'yan sanda suna karɓar irin wannan ƙarar. In ka riga ka biya, kar ka ƙara ko sisi, kar ka goge saƙonninsu da risitin tiransifa, ka sanar da bankinka a ranar, akwatin ma ka kai shi yadda yake. Kuma in wani ya kira ka daga baya ya ce zai karɓo maka kuɗinka in ka ba shi wani abu, sau da yawa su ɗin ne dai da sabon layi.