Moton doki huɗu da ashe doki biyu ne

Har yanzu idan na wuce ta shagon markaɗen yayata sai in ji kamar ƙaurin kwayil ɗin nan yana hancina. Ni na zaɓo moton, ni na ɗaura shi, kuma ni ne ban karanta layi ɗaya tak a farantin jikinsa ba.

Na kwance ne na samo, mai layin wuta uku. Mai sayarwa ya ce daga jikin injin ɗaga kaya na wata masana'anta aka ciro shi, ni kuwa na ji daɗi, na ce abin da ya ɗaga ƙarfe ai waken suya ba zai gagare shi ba. Faranti ya nuna kilowat 3, wato doki huɗu, da am 7. Na saita obalod, wato abin da ke yanke wuta idan moto ya ja fiye da ƙima, a kan 7, na maƙala mita lokacin da ake markaɗe na ga 6.4. Na tattara kayana na tafi ina jin na iya aiki.

Wata biyar lafiya lau, shi ya sa ban zargi komai ba. Ashe abin da ya rufa mini asiri shi ne yanayin cinikin: a markaɗa roba ɗaya cikin minti biyu ko uku, a kashe, a zauna jiran wani. Da azumi ya kama, robobi suka yi layi tun daga azahar, moto ya yi wajen awa biyu ba a kashe ba. A rana ta uku ta kira ni: "Ƙanena, zo ka ga injinka yana hayaƙi." Obalod kuwa ko motsi bai yi ba.

Da na kai wa dattijon da ke mana naɗin kwayil, bai ma kwance shi ba. Ya goge farantin da babban yatsa, ya nuna mini wani ɗan rubutu a gefe, S3 25%, ya ce, "Kai yaro, wannan ka gani kafin ka biya kuɗi?" Na ce, "Baba, na ɗauka lambar kamfani ce."

Ƙarfin da ake rubutawa a jikin moto magana ce ta zafi, wato iya abin da zai ja ba tare da rufin wayarsa ya dahu ba. Mai S1 an yi shi ya ja wannan ƙarfin yini guda, zafinsa ya hau ya tsaya a inda ba ya cutarwa. Mai S3 25% kuwa, a kowane minti goma, minti biyu da rabi ne nasa na aiki, bakwai da rabi na hutu. Kilowat 3 ɗin da na gani da wannan sharaɗin aka ba shi. Tunda zafin waya yana tafiya ne da am sau am, lissafin da ake yi a kimanta ƙarfinsa na aiki ba tsayawa shi ne 3 × √0.25 = 1.5. Doki biyu ke nan na saya da sunan huɗu. Shi ma 1.5 ɗin da kyautata zato ne, don nawa ko fanka babu a bayansa, abin da na gani da idona na share.

Abin da ya fi ƙona mini rai obalod ɗin ne. Am yake gani, bai san moto na bin bashin hutu ba. A wurinsa 6.4 bai kai 7 ba, don haka komai daidai. Amma 6.4 ba tsayawa, idan ka lissafa, zafin da yake tarawa ya haura ninki uku na abin da aka tsara wa moton. Ga shi shago rufin kwano, alhali ƙarfin da ke faranti an ƙiyasta shi ne a iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. Rufin waya mai ajin F iyakarsa digiri 155, kuma masu aikin sun ce duk ƙarin digiri goma yana cinye rabin rayuwarsa. Wataƙila tun kafin azumin ya fara gasuwa.

Na so a sake naɗa shi a mayar. Baba ya ce zai naɗa in ina so, amma naɗi ba ya canza girman ƙarfen da ke fitar da zafi, ƙonewa zai sake yi. Dole na sayo kilowat 3 mai S1, na ga ya fi wancan girma da nauyi nesa ba kusa ba. Da ma ƙanƙantar wancan ce ta burge ni tun farko, har ina yabon aikin Turawa.

Rabin kuɗin daga aljihuna ya fita, yayata ta yi kwana huɗu ba ciniki a tsakiyar azumi. Tsohon kuma an naɗa shi, yana nan yana jan ƙofar wani gareji, minti ɗaya safe minti ɗaya yamma, ko ɗumi ba ya yi.